Rana ta Uku da Rana ta Biyar

Babu wanda ya taɓa kiranta Guguwa a gaban idonta, amma ta san da sunan. Nas-nas na ɗakin kwanciyar maza ne suka laƙaba mata shi, domin in ta shigo zagayen marasa lafiya, labulayen gadaje sai sun motsa. A tsaye take rubutu, fayil a kan tafin hannu. A tsaye take karyawa. Ko a taron sashe, kujerar da ke kusa da ƙofa take zaɓa, kuma kafin a kai tsakiyar magana ta miƙe ta jingina da bango.

'Yar direban bas ce, babba a cikin su bakwai, kuma tun tana ƙarama ita ake aike saboda ba ta daɗewa. Shekara goma sha bakwai ke nan tana aikin likita a wannan ɗaki mai gado talatin da biyu, mai fanka uku da ke aiki da ɗaya da ke ƙara kawai. Hannunta na da kyau, kowa ya shaida. Abin da ba ta da shi shi ne takarda ko ɗaya da aka buga da sunanta a mujallar likitoci. Sau goma sha ɗaya tana fara rubuta rahoton wani mara lafiya, sau goma sha ɗaya tana barinsa a shafi na biyu, domin rubutu yana son zama, ita kuwa ba ta iya ba. Ana haka yaran da ta koya wa neman jijiya suka zo suka wuce ta, har ɗaya daga cikinsu ya zama shugaban sashenta.

Shi ne ya tare ta a baranda wata Litinin.

"Anti, kwamitin ƙarin matsayi zai rufe karɓar takardu nan da wata huɗu. Takarda ɗaya suke so daga wurinki, ko da wasiƙar mujalla ce cewa ta karɓa. Mujalla kuwa tana cin wata uku kafin ta amsa. Kin ga lissafin."

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Daina ce mini ranka ya daɗe, kunya kike ba ni. Tsohon nan mai agogo, rubuta shi. Ki aika kafin Juma'a ta sama."

Tsohon da yake nufi mai gyaran agogo ne, ɗan shekara saba'in da ɗaya. Wata biyu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, maƙwabcinsa mai ɗinki ya kawo shi. Zuciyarsa na bugawa sau talatin da shida a minti, alhali ta lafiyayye kan yi sittin zuwa ɗari. An gwada jininsa, gishirin jiki daidai, sinadarin maƙoƙo daidai, babu alamar toshewar jijiyar zuciya. Maganin irin wannan shi ne a dasa masa ɗan batiri a ƙirji mai tunzura zuciya, amma inda ake dasawa da nisa, kuma layin na watanni ne. Sai Likita ta tuna da tiyofilin, tsohon maganin asma wanda kan ɗan hanzarta zuciya. Ta rubuta masa shi a rana ta biyu. A rana ta tara ya tafi gida da ƙafarsa, zuciya na bugun saba'in, kuma da ya dawo bayan mako biyu yana nan garau. Abin alfahari ne, kuma darasi ga duk asibitin da ba shi da batirin zuciya a kusa.

Ranar Asabar da hantsi ta baje kwafin fayil ɗin a kan teburin cin abinci, bayan ta shafe sunansa da lambarsa a kowane shafi. Fayil ba littafi ba ne, kasuwa ce. Akwai rubutun likitan gaggawa da ya karkace saboda sauri, da nata, da na likitoci uku masu aikin dare, da takardun gwaji da aka manna wasu a kife, da doguwar takardar awon zuciya da ta fara dushewa. Ta yanka kwali ta rubuta sassan da mujalla ke buƙata, ta jera su a bakin tebur: take, taƙaitawa, gabatarwa, bayanin mara lafiya, abin da aka gani a jikinsa, jadawalin kwanaki, gwaje-gwaje, magani, sakamako da bibiya, tattaunawa, ra'ayin mara lafiya, sai bayanin amincewarsa. Kowace takarda ta ɗauka sai ta zagaya tebur ta ajiye ta a ƙarƙashin kwalinta.

Maigidanta, malamin lissafi a sakandare, yana gefe da tarin takardun jarrabawa a cinya.

"Likita, a ina za mu ci abinci yau? Ko mu ma sai an yanka mana kwali?"

"Ku ci a tsaye. Ban mutu ba da nake yi."

"Ba ki mutu ba, amma tabarmar ɗakin nan ta mutu."

Bayanin mara lafiya bai ba ta wahala ba. Ta rubuta namiji mai shekara saba'in da ɗaya, ta cire sana'arsa, domin mai gyaran agogo mai wannan shekaru ba su da yawa, kowa zai gane shi. Wurin magungunan da yake amfani da su kafin ya zo ta rubuta babu, kamar yadda kowane shafi ya faɗa. Hoton awon zuciyar ta datse samansa inda suna da kwanan wata suke. Sai ta zo kan jadawalin kwanaki, wanda ta ɗauka aikin minti goma ne. Ba a sa kwanan wata na ainihi, sai a ce rana ta ɗaya, rana ta biyu, kuma mujalla na son kowane layi ya zo da abin da aka auna da abin da aka ba shi. Don haka dole ta ajiye rubutun likitoci ta ɗauko takardu biyu na nas-nas, waɗanda rabonta da duba su da kyau tun yana kwance: takardar awon kullum da takardar ba da magani.

Takardar awo ta ce rana ta ɗaya talatin da shida, ta biyu arba'in, ta uku hamsin da takwas, ta huɗu sittin da shida.

Takardar magani kuwa, a layin tiyofilin, rana ta biyu babu sa hannu, sai wata 'yar alama a cikin da'ira. Rana ta uku haka, ta huɗu haka. Sa hannu na farko yana rana ta biyar da safe.

Ta karanta sau uku. Ta je kicin ta buɗe firij ta rufe ba ta ɗauki komai ba. Ta dawo ta sake karantawa.

"Baban yara, in mutum ya fara warkewa ranar Laraba, aka ba shi magani ranar Juma'a, me ya warkar da shi?"

"Ba maganin ba dai," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba. "Wannan ko ɗan aji ɗaya ya ci maki."

Litinin da safe ta sami Sista Babba, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, tana ƙirga zannuwan gado. Ta nuna mata alamar.

"Ai babu a kantin magani ke nan," in ji Sista. "Kwana uku muna aikawa ana cewa gobe. Sai da 'yarsa ta samo a waje."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Na gaya wa ƙurarki, ƙanwata. Kin shigo, kin kama hannunsa, kin ce madalla magani ya karɓe shi, kafin in buɗe baki kina gado na goma sha tara. Na rubuta da jan biro. Mu dai namu rubutawa ne, karantawa ta masu ilimi ce."

Likita ta buɗe nata rubutun na rana ta uku. Ga shi da hannunta: yana samun sauƙi a kan tiyofilin, a ci gaba. Likitan da ya biyo bayanta ya kwafe, na bayansa ma ya kwafe.

Shugaban sashe ya saurare ta yana juya biro. Ba mugu ba ne, kuma da gaske yake son ta wuce.

"Anti, a rubutun likita an fara rana ta biyu. Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Ki ce an rubuta masa magani a rana ta biyu, wannan gaskiya ce. Jadawalin ki taƙaita shi, shiga da fita."

"Wani likita a wani ƙauye ya karanta, ya ba tsohonsa ƙwaya ya sallame shi. Sai fa?"

"To me ya warkar da shi in ba shi ba?"

"Ban sani ba."

"Ban sani ba ai ba ta buguwa a mujalla." Ya sauke numfashi. "Takardar amincewa fa, tana ciki?"

Ta zaro wadda ke fayil. Ya duba ya yi murmushin tausayi. Takardar yarda da kwanciya da karɓar magani ce, wadda 'yar tsohon ta sa wa hannu ranar farko. Wannan ba ta ba kowa izinin buga labarin mutum ba. Mujalla na da fom nata, wanda mara lafiya da kansa zai sa wa hannu bayan ya karanta abin da aka rubuta a kansa ko an karanta masa, ya san cewa duniya za ta iya gani, kuma ko an ɓoye suna ba a yi masa alkawarin ba wanda zai gane shi ba. Sai da wannan a hannu marubuci zai rubuta a ƙarshen rahoto cewa an sami amincewa a rubuce.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ke kin saba," in ji shi. "Je ki samo hannunsa. Jadawalin kuma ki kwana a kansa."

Ta kira lambar da ke fayil. 'Yar tsohon, wadda ke aiki a gidan waya, ta ce Baba ba ya son hawa mota kwanakin nan, sai dai Likita ta zo shago. Laraba da la'asar ta tafi, da rahoton mai shafi shida da fom a jaka. A hanya ba ta yanke komai ba. Jadawali biyu ta buga, mai tsawo da gajere, kuma duk suna cikin jakar.

Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Agogunan bango sun kai ashirin, kowane da lokacinsa. Tsohon na zaune bayan teburin gilashi, 'yarsa na tsaye a kansa da kayan aikinta.

"A'a, 'yata Likita! Yau asibiti ne ya zo gaishe da mara lafiya? Ba ta kujera."

"Bar shi, Baba, na gode."

"Wannan ba ta zama, Baba, ka manta?" in ji 'yar.

Likita ta yi bayani dalla-dalla: abin da rahoton yake, waɗanda za su karanta shi, cewa yana da ikon ƙi kuma ƙin ba zai taɓa kulawar da ake yi masa ba, kuma yana iya janyewa muddin ba a riga an buga ba. Ta miƙa masa takardun. Ya kai su kusa da fuska, ya nisanta su, ya ajiye.

"Idon ya ƙi. Karanta mini da bakin mutane, ba da naku ba."

Ta fara. Da ta zo kan namiji mai shekara saba'in da ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Namiji kawai? Shekara hamsin ina gyaran agogo, a ce namiji?"

"Don kada a gane ka ne, Baba."

"To in ba a gane ni ba wa zai kawo gyara?"

'Yar ta yi dariya. Wani agogo a bango ya buga biyar. Tsohon ya ce a dakata, wannan shi ne mai gaskiya a cikinsu. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko 'yar kwalba mai tsawon yatsa, ya ɗaga kai sama ya ɗiga a ido ɗaya, ya ɗiga a ɗayan.

Likita ta daina karatu. "Mene ne wannan?"

"Na ido ne. Hawan jinin ido suka ce ina da shi. Safe da yamma."

Ta karɓi kwalbar ta juya ta. Timolol. Kowane ɗalibin likita ya san shi: yana rage matsin ido, amma daga ido yakan gangara ta hanci ya shiga jini, kuma danginsa su ne magungunan da ake bayarwa musamman don a rage gudun zuciya. A jikin tsoho, ɗigo biyu na iya isa.

"Tun yaushe kake sa shi?"

"Wata biyar kafin in faɗi. Ranar da na faɗi yana aljihun gaba, na danne shi ya fashe. Ban sake samu ba sai da ranar ganin likitar ido ta zo. Yau kwana goma sha ɗaya da sabuwar kwalba."

"Jiri fa?"

Tsohon ya dubi 'yarsa. 'Yar ta dube shi.

"Baba! Ka ce mini mota ce ba ka so!"

"To ai ba na son ta, in ina jin jiri."

Likita ta riga ta kama wuyan hannunsa. Ta rasa agogon da za ta duba a cikin ashirin, sai ya nuna mata mai gaskiyar da haɓa. Arba'in da huɗu. Kuma yana shan tiyofilin ɗinta kullum, bai taɓa fashi ba.

"Baba, a fayil an rubuta ba ka amfani da kowane magani."

"Wa ya tambaye ni? Ranar da aka kawo ni ban san inda kaina yake ba. Tela aka tambaya." Ya ɗaga murya ta bango. "Kai tela! Kai ka ce ba ni da magani?"

"Na ce ban sani ba!" aka amsa daga can, keken ɗinki bai tsaya ba.

Ban sani ba ta tela ita ce ta zama babu a hannun likitan gaggawa, ita kuma ta kwafe, kwana tara tana wucewa ta gaban gadonsa ba ta tambaye shi da bakinta ba. Ta mayar da fom cikin jaka ba a sa hannu ba.

"Rufe shagon. Asibiti za mu yanzu, a motata."

"Takardar fa?"

"Ba ita ce ba. Abin da na karanta maka ba daidai ba ne."

Kafin su isa ta kira likitar ido, domin ba a tsayar da maganin hawan jinin ido a bar ido haka, makanta ce ƙarshensa. Likitar ta canza masa zuwa wani ɗigon da ba ya taɓa zuciya, ta ce a kawo shi ta auna idon cikin mako. Aka yi awon zuciya, aka kwantar da shi a gado na shida. A rana ta uku bugun ya koma hamsin da takwas, kamar wancan karon. Wannan karon Likita da kanta take ɗaukar takardar awo daga ƙafar gado, har Sista ta ce a kira mai hoto.

Juma'ar da shugaba ya sa mata ta zo, ta same ta a ofishinsa.

"Abin nema ya samu, Anti. Wannan ya fi na farko kyau. An daina ɗigo ya warke, an koma ya dawo, an sake dainawa ya warke. Rubuta ki aika yau."

"Har yanzu yana kan tiyofilin. Mai duba takarda na mujalla zai ce ta yaya na san ba shi ke riƙe da shi ba, kuma yana da gaskiya. Sai na janye shi, na ga zuciyar ta tsaya da ƙafarta mako uku, likitan zuciya ya duba ya ce a cire shi daga layin batiri ko a bar shi. Sashen bibiya ba ya rubutuwa kafin a yi bibiyar."

"Mako uku da janyewa wata guda ke nan. Kin san abin da wannan ke nufi."

"Na sani."

"Shekara guda cur, Anti."

Ta zagaya ofishin, daga taga zuwa kabad, daga kabad zuwa taga. Ta ɗauki abin danne takarda ta ajiye. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi," ta ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta so ba.

Watan nan ya yi mata tsawo. Kowace Talata tsohon na zuwa a auna shi, saba'in, sittin da takwas, saba'in da biyu, ita kuma tana ƙara layi a jadawali. A gida kwalayen na nan a bakin tebur, iyali na cin abinci a falo. Take ya canza, gabatarwa ta canza, taƙaitawa ta sake ta sau shida don ta shiga adadin kalmomin da aka ƙayyade. Ta nemo rahotannin da wasu suka buga a kan ɗigon ido da jinkirin zuciya, ta ga ba ita ce ta fara gani ba, sai ta faɗi haka a gabatarwa, ta ce abin da nata ya ƙara shi ne yadda kuskuren tarihin magani ya kusa kai mutum ga tiyatar da ba ya buƙata, da yadda aka ba wani magani yabon da ba nasa ba. Ta sa likitar ido cikin marubuta. Ta samo wasiƙar kwamitin ɗa'a na asibiti. Tattaunawa ce ta fi cin ta. Jimla ɗaya ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, tana yawo da kwamfuta a hannu tsakanin kicin da baranda.

"Karanta mini," in ji maigidan.

"An ɗauki tarihin magani daga wanda ya raka shi, kuma ba a sake tambayar mara lafiya ba bayan ya farfaɗo."

"Wa bai sake tambaya ba?"

"Haka ake rubutawa. Ba a cewa ni."

"Sunanki dai ne na farko a sama ko? To an ce ke."

Da likitan zuciya ya rubuto cewa babu buƙatar batiri, ta koma shagon da sabon rahoto, domin amincewa tana kan abin da za a aika ne, ba kan wanda aka yar ba. Ta karanta masa daga take har ƙasa, ta nuna wa 'yarsa hoton awon zuciyar da aka datse wa suna. Da ta zo kan jimlar nan ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Ke kika sa wannan, ko sa ki aka yi?"

"Ni na sa."

"Hm. Ni in na ɓata agogon mutum, cewa nake dama can a ɓace yake." Ya gyara zama. "Ina wurin da kika ce nawa ne?"

Ra'ayin mara lafiya yake nufi, 'yan layuka da bakinsa. Ya faɗa, ta rubuta a takarda a kan gilashin tebur: bai taɓa zaton abin da ake sa wa ido zai kai zuciya ba, ya ɓoye wa 'yarsa jiri na biyu don tsoron a yanka ƙirjinsa, kuma yana roƙon likitoci, in mutum ya farka, a sake tambayarsa. Ya so ya ƙara adireshin shago, 'yar ta hana. A kan sana'a kuwa suka daɗe suna ja. Likita ta ce ba ta da nasaba da ciwon, kuma abin da ba shi da nasaba ba a sa shi. Ya ce shi ne ya san ranar da kwalba ta fashe da ranar da aka sami sabuwa, ko wani namiji kawai zai riƙe wannan? Ta yarda da gaskiyarsa, amma ba ta sa ba.

Saboda bai iya karanta fom da idonsa ba, 'yarsa ta karanta masa shi layi-layi, aka kira tela ya zama shaida. Tela ya shigo da igiyar awo a wuya.

"Wannan karon in an tambaye ka, ka ce ka gani," in ji tsohon.

Ya sa gilashin gyaran agogo a ido, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya sa hannu a hankali a kan layin. Tela ya sa nasa, Likita ta sa nata da kwanan wata. Ta bar musu kwafi ɗaya, na ainihi ta kulle a kabad ɗin ofis, domin mujalla ba ta karɓarsa sai in ta nema. A ƙarshen rahoton ta rubuta cewa an sami amincewar mara lafiya a rubuce don buga wannan rahoto da hoton da ke tare da shi, bayan an karanta masa shi gaba ɗaya a gaban shaida.

Ta aika ranar Alhamis da azahar daga kwamfutar sashe, wadda sai da ta maƙale sau biyu a wurin loda hoto. Shugaba na bayanta yana kallo. Saura wata uku ba kwana biyar kwamiti ya rufe.

"Wataƙila su yi sauri," ya ce.

Ba su yi ba. Bayan mako goma masu dubawa biyu suka dawo da tambayoyi tara, ciki har da ƙarfin ɗigon da matsin idon bayan an canza magani, wanda sai da ta koma wurin likitar ido ta samo. Ta gyara ta mayar. Wasiƙar karɓa ta iso kwana goma sha tara bayan kwamiti ya rufe, kuma jerin sunayen da aka manna a allon sanarwa a wannan shekara babu nata.

A baranda ta karanta wasiƙar a waya, tsakanin ɗakin maza da ɗakin gwaji. Sista Babba ta leƙo ta kafaɗarta.

"An karɓa?"

"An karɓa. Sai baɗi kuma."

"Allah Ya kai mu. Sunana yana ciki?"

"Yana wurin godiya. Kin manta kin sa hannu kin yarda?"

"Na ɗauka takardar hutu ce." Sista ta miƙa mata fayil. "Sabo ne, gado na goma sha ɗaya. Ɗan'uwansa ne ya ba da bayani, amma yanzu shi mara lafiyan ya farka."